Tambayoyi da Amsoshi Kan Naɗar Karatu a Masallaci Mai Amsa-kuwwa da Ƙaramin Makirfon Riga

Duk shekara idan azumi ya gabato, matasan da ke ɗaukar tafsiri a masallatan Sakkwato kan dawo da tambayoyi kusan iri ɗaya. Haka ma masu naɗar lacca a makarantun Islamiyya da zaurukan taro. Yawancinsu waya ce kawai a hannunsu, sai ɗan makirfon nan mai araha da ake maƙalawa a riga. Ga tambayoyin da suka fi yawa, an fara daga masu sauƙi.

1. Na sayi makirfon riga, amma har yanzu muryar Malam tana fita kamar daga nesa. Makirfon ne ba shi da kyau?

Kafin ka ɗora wa makirfo laifi, tabbatar da cewa shi ne ma yake ɗaukar sautin. Sau da yawa wayar ba ta karɓe shi ba, tana can tana ɗauka da nata makirfon na ciki, igiyar tana rataye ne kawai. Gwajin ba wuya. Fara naɗa, ka ɗan kankari kan makirfon da farce, sannan ka kankari gindin wayar inda nata yake. Idan ka saurara, wanda ƙararsa ta fi fitowa shi ne ke aiki. Idan na wayar ne, tafi tambaya ta 2.

Idan kuwa makirfon rigar ne ke aiki amma amsa-kuwwa ta cika sautin, abu biyu ake fara tuhuma: an maƙala shi nesa da baki, ko lasifikar cikin masallaci ta yi ƙarfi. Tambayoyi na 4 da na 6 sun yi bayaninsu. Da wuya ka ga tsadar makirfo ta raba wannan gardama. Mai tsada da mai araha duk abin da ya iso wurinsu suke ɗauka.

2. Me ya sa waya ba ta karɓar makirfon?

Dubi kan igiyar, wato ƙarfen da ake zurawa a waya. Idan zobe baƙi biyu ne a jikinsa, irin na kyamara da rakoda ne, ana kiransa TRS. Idan zobe uku ne, shi ne TRRS, kuma shi ramin iyafis na waya ke buƙata kafin ya karɓi makirfo. Mai zobe biyu zai shiga ramin lafiya lau amma ba zai yi aiki ba sai da ƙaramar adafta. Wasu makirfonin suna da maɓallin sauyawa a jiki. Boya BY-M1, wanda ya cika shagunan kayan waya, yana da wuri biyu: `Cameras` da `OFF/Smartphone`. Idan waya za ka jona, na biyun za ka zaɓa. Ɗan batirinsa LR44 na aikin kyamara ne.

Wayar da ba ta da ramin iyafis sai an bi ta ramin caji na USB-C, kuma ba kowace adafta ke wuce da sautin makirfo ba, wasu na sauraro ne kaɗai. Ka tafi shago da wayarka da makirfonka, ka yi gwajin farce a gaban mai shago kafin ka biya. Akwai kuma wayoyin da manhajar kyamararsu ba ta kula makirfon waje ko da komai ya yi daidai. A nan manhajar Open Camera tana taimakawa: a cikin `Video settings` akwai `Audio source`, sai ka zaɓi `External mic`.

3. Me ke sa wani masallaci ya fi wani amsa-kuwwa?

Girman ɗaki da taurin abin da aka gina shi da shi. Murya idan ta fita daga baki, kaɗan daga cikinta ne ke isa makirfo kai tsaye. Sauran tana bugun bango, ta koma ƙasa, ta hau silin, tana kai da kawowa har ta mutu. Tayil da siminti mai fenti da gilashi kusan duk abin da ya buge su suke mayarwa. Kafet, labule, tabarma da jikin mutane kuwa suna shanye wani kaso. Shi ya sa tsohon zauren ƙasa mai rufin azara, an shimfiɗa tabarmi, yakan fi sabon masallaci mai tayil har bango daɗin naɗa. Ƙubba kuma tana tattara sauti ta zubo shi wuri guda, don haka kada a zaunar da mai magana daidai ƙarƙashin tsakiyarta idan akwai yadda za a yi.

Kana iya auna ɗakin da hannunka. Lokacin da babu jama'a, tsaya inda Malam zai zauna, ka tafa sau ɗaya da ƙarfi, ka saurari tsawon lokacin da ƙarar ke ɗauka kafin ta ɓace. Idan ba ta kai daƙiƙa 1 ba, ɗakin ya dace da magana. Idan ta kai daƙiƙa 3 ko 4, ƙarshen kowace kalma zai hau kan farkon ta gaba, kuma baƙaƙe ne ke fara nutsewa, irin su sin da sad da ta, waɗanda mai sauraron karatu ya fi buƙatar ya rarrabe. Wani lokaci kuma za ka ji tafin ya dawo daban, kamar wani ya amsa maka. Wannan bangon baya ne. Sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa, kuma da zarar hanyar dawowarsa ta fi ta kai tsaye da mita 17 ko sama, kunne yana jin sa a matsayin magana ta biyu.

4. A ina daidai zan maƙala makirfon?

A tsakiyar ƙirji, kamar taƙi ɗaya ƙasa da baki, wato santimita 15 zuwa 20. Wannan ita ce amsa mafi muhimmanci a duk shafin nan, kuma ga dalili. Amsa-kuwwa ta cika ɗakin ko'ina da ƙarfi kusan ɗaya, ba yadda za ka guje mata. Amma muryar da ke zuwa kai tsaye tana ƙaruwa sosai idan ka matso: duk lokacin da ka raba tazarar gida biyu, ƙarfinta yana ƙaruwa da desibel 6, wato ma'aunin ƙarfin sauti, ita kuwa amsa-kuwwa tana nan yadda take. Makirfon da ya sauka zuwa saitin ciki, santimita 40 daga baki, ya yi asarar desibel 6 ke nan a kan wanda ke santimita 20. Wanda aka ɗora a kan teburi kusa da littafi ya yi asarar fiye da haka.

Sai dai kusancin ma yana da iyaka. Idan ka kai shi can ƙarƙashin haɓa, haɓar tana tare siririn sautin da ke fayyace haruffa, muryar ta fito a toshe, ga gemu yana gogarsa. Ka lura kuma da inda mai magana ya fi juya kai. Malamin da mai jan baƙi ke zaune a damansa zai yawaita waiwayawa dama, to ka ɗan karkatar da makirfon zuwa wannan ɓangaren. Wanda ke karanta littafi kansa a sunkuye yana hura iska kai tsaye a kan makirfo, sai ka ji "fuf" a kan kowace fa da ba. Soson da ya zo da makirfon yana rage wannan. Idan bai isa ba, juya kan makirfon ya kalli ƙasa. Yawancin waɗannan ƙananan suna ji ta kowane gefe, don haka muryar ba za ta ragu ba, iskar ce kawai za ta wuce ta bayansa.

5. Babbar riga da rawani suna kawo ƙarar "shaf-shaf". Yaya zan yi?

Sabuwar shadda mai sitaci ita ce ta fi kowace ƙara, musamman lokacin da Malam ya naɗe hannun riga ya mayar kafaɗa, wanda wasu kan yi duk bayan 'yan mintoci. Kada ka ɓoye makirfon a ƙarƙashin riga don kyan hoto. Ka maƙala shi a waje, a bakin wuyan babbar riga ta gaba inda aikin ya yi kauri, kan makirfon yana tsaye a fili, babu yadin da ke taɓa shi. Ka duba jelar rawani da hirami, domin su ne ke saukowa su rufe shi bayan an zauna. Ga malama, ana maƙala shi a wajen hijabi, a ɗan tattaro yadin ƙasa da haɓa da taƙi ɗaya, kuma mace 'yar'uwarta ce za ta maƙala mata.

Rabin ƙarar ma ta igiya take hawowa. Duk abin da ya gogi igiyar, makirfo yana jin sa. Maganinsa shi ne ka yi ɗan lanƙwasa kamar zobe da igiyar daf da makirfon, ka damƙe shi da bakin maƙalin, sannan ka zura sauran ta cikin riga ka manne ta da ɗan salatif ko fil. Idan an ja igiya, jan zai tsaya a wurin da ka manne.

Akwai ladabi a nan. Ba a afka wa wuyan malami da hannu. Ka nemi izini tun kafin a taru: "Allah ya gafarta Malam, in maƙala maka, ko in miƙo ka sa da kanka?" Yawancinsu za su bari ka gyara, in dai ba a gaban jama'a ana jira ba.

6. Na yi duk wannan, amma da an kunna lasifika sai amsa-kuwwar ta dawo. Me ke faruwa?

Lasifika ce babbar abokiyar gabar mai naɗa a masallaci, ta fi bango da tayil. Muryar mutum ita kaɗai ba ta da ƙarfin da za ta cika babban ɗaki. Lasifika kuwa tana ɗaukar wannan muryar, ta ninka ta, ta watsa wa bangaye, sai amsa-kuwwar ta ƙaru, alhali muryar da ke isa makirfon rigarka kai tsaye daga baki ba ta ƙaru da komai ba. Ratar da ka samu ta hanyar matsowa kusa, lasifika ta cinye ta.

Don haka mutumin da ya fi kamata ka shirya da shi shi ne mai kula da amfilifaya, ladan ne ko wani cikin kwamitin masallaci. Ka roƙe shi abu biyu. Na farko, a rage ƙarfin lasifikun ciki zuwa inda sahun baya ke ji ba tare da ƙari ba. Sau da yawa jama'a ma sun fi fahimtar magana idan an rage, domin a ɗaki mai amsa-kuwwa ƙarin ƙara ruɗani yake ƙarawa. Na biyu, lasifikar da ta fi kusa da Malam a kashe ta, ko a juya ta ta ba shi baya. Idan amfilifayar tana da maɓallin `Echo`, a mayar da shi sifili lokacin karatu, domin abin da ya shiga naɗi ba ya fita. Manyan lasifikun waje masu kama da ƙaho ba su cika damun naɗin ciki ba, sai idan akwai wadda ke kusa da taga a buɗe.

Kada kuma ka jona makirfon riga a amfilifaya don ya yi aiki biyu. Tunda yana ji ta kowane gefe, zai ɗauko lasifika ya mayar mata, sai kukan nan mai huda kunne ya tashi. Makirfon masallaci daban, naka daban.

7. Za a iya nuna wannan da lissafi a wani masallaci?

A ɗauki masallacin unguwa irin waɗanda ake ginawa yanzu a Mabera ko Arkilla: tsawo mita 20, faɗi 15, bisa 5, tayil a ƙasa, bango siminti. Girman cikinsa mita kubik 1,500 ke nan, wato 20 × 15 × 5. A ce an tafa babu kowa, ƙarar ta ɗauki daƙiƙa 4. Akwai wata tazara daga bakin mai magana inda murya da amsa-kuwwa ke yin kunnen doki, kuma ana ƙiyasta ta haka, inda V yake girman ɗaki, T kuma daƙiƙun:

```
d = 0.057 × √(V / T)
```

A wannan masallaci amsar ita ce kusan mita 1.1. Duk abin da ya wuce nan, amsa-kuwwa ta rinjayi murya. Yaron da ya zauna a sahun farko, mita 3 daga Malam, ya ɗaga waya, abin da yake ɗauka amsa-kuwwa ce da ta fi muryar da kusan desibel 9. Makirfon riga a santimita 20 kuwa yana ba muryar rinjayen kusan desibel 15, wanda ya isa a ji kowane harafi, ɗakin yana can baya kaɗan.

Yanzu a kunna lasifika da ƙarfi, a ce ta ɗaga amsa-kuwwa da desibel 10. Rinjayen ya faɗo daga 15 zuwa 5, kuma wannan shi ne sautin da mai tambaya ta 6 ke kuka da shi. Idan aka rage lasifika yadda ya kamata, za a dawo da kusan 5 daga abin da aka rasa, rinjayen ya koma 10. Idan mutum 200 suka shigo suka zauna, jikinsu da tufafinsu za su sauke daƙiƙun nan 4 zuwa ƙasa da 2, wanda ya ƙara maka kusan desibel 4. Ka koma 14 ke nan ba ka sayi komai ba. Wannan ne ma ya sa gwajin da aka yi bayan la'asar a masallaci babu kowa yake tsoratarwa fiye da yadda naɗin gaske zai fito.

8. Akwai abin da zan iya yi wa ɗakin kansa ba tare da kashe kuɗi ba?

Ba za ka gyara dukan masallaci ba, amma kana iya gyara mita biyu da ke kewaye da mai magana. Shimfiɗa kafet mai kauri ƙarƙashin kujera da gabanta. Rufe teburi da darduma ko bargo, musamman idan mai gilashi ne, domin muryar wanda ya sunkuya tana bugun teburi ta dawo cikin makirfo nan take. Idan bayansa bango ne tsirara, a matso da kujerar gaba kamar mita ɗaya, a rataya labule mai nauyi ko bargo a bayansa idan kwamiti ya yarda. Kada a zaunar da shi a lungu ko cikin mihrabi, wuraren nan suna ƙara wa murya kauri mara daɗi.

Taga a buɗe tana taimakawa, domin sautin da ya fita ba ya dawowa. Amma ta nan ƙarar kabu-kabu da janareta ke shigowa. Buɗe na ɓangaren da babu titi, rufe na ɓangaren inji.

9. Fanka fa? Ba za a iya kashe ta a zafin Sakkwato ba.

Gaskiya ne, a watannin Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40, wanda ya ce a kashe fankokin masallaci don naɗi zai sha kallo. Ba a buƙatar haka ma. Matsalar fanka iri biyu ce. Akwai ƙugin da take yi daga nesa, wanda ba ya canzawa, kuma ana iya rage shi daga baya kamar yadda tambaya ta 13 ta nuna. Akwai kuma iskar da ke bugun makirfo kai tsaye, tana "bub-bub", ita kuwa ba ta gyaruwa. Fanka ɗaya ce ko biyu ke jawo wannan: ta saman kan Malam da ta tsaye da ake juyo masa. Ta sama a rage mata gudu, ta tsaye a mayar da ita bayansa ta gefe, jikinsa ya kare makirfon. Soso kada ya bar kan makirfo ko da rana ɗaya. Idan karatun a harabar waje ne lokacin hunturu, soso ba ya isa, sai an sa irin murfin nan mai gashi.

10. Ina jin wani "zuuu" a ƙarƙashin murya, wani lokaci kuma "dit-dit-dit". Daga ina suke?

Na farkon na lantarki ne. Wutar Najeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma caja mai araha tana shigo da wannan kaɗawar cikin naɗi, abin ya fi muni idan a kan janareta ake. Cire caja ka saurara, idan ya ɓace ka gano ɓarawon. Ka zo da waya cike da caji, ko ka yi amfani da fawa banki bayan ka gwada shi a gida. Igiyar BY-M1 mita 6 ce, kada ka shimfiɗa ta a jere da wayar wuta. Idan dole su haɗu, su gitta juna kawai.

Na biyun kuwa waya ce ke magana da turken sadarwa. Sa wayar naɗi a `Airplane mode`, wanda kuma zai hana kira ya katse maka aiki a tsakiyar aya. Wayar da ke aljihun Malam ma tana iya jawo shi idan igiyar ta bi ta kanta.

11. Wane saiti zan yi a manhajar naɗa?

Zaɓi WAV, 48 kHz, `Mono`. Awa ɗaya a haka a kan 16-bit tana cin kusan megabayit 345, don haka ka duba sarari kafin a fara. Idan manhajar tana nuna ma'aunin ƙarfi, ka saita yadda magana ta yau da kullum ke yawo wajen -18, mafi ƙarfinta kuma kada ya wuce -6. Kada ka saita da "gwaji, gwaji" da murya ƙasa-ƙasa. Malamin da ya fara a hankali zai ɗaga murya idan wa'azi ya yi zafi, kuma sautin da ya bugi 0 ya fashe ke nan har abada. Wanda ya yi ƙasa kaɗan ana ɗaga shi daga baya.

Idan akwai `Auto gain` ko `AGC`, kashe shi. Aikinsa shi ne ya ƙara ƙarfi duk lokacin da aka yi shiru, kuma a masallaci abin da ke cikin shirun nan shi ne wutsiyar amsa-kuwwa da fanka. Za ka gane shi idan ka ji ɗakin yana kumbura duk lokacin da Malam ya tsaya numfashi. Ka naɗa daƙiƙa 30, ka saurara da iyafis, sannan a fara. Lasifikar waya ba ta nuna ƙugin wuta ko na fanka.

12. A tafsiri mutum biyu ne, Malam da mai jan baƙi. Makirfo ɗaya zai isa? Liman a tarawihi kuma fa?

Ba zai isa ba. Alaramman da ke zaune mita ɗaya da rabi daga makirfon Malam ya riga ya wuce tazarar da aka lissafa a tambaya ta 7, zai fito cikin amsa-kuwwa tsundum. Akwai makirfo mai kai biyu a igiya ɗaya, yana aiki, amma yana haɗa su a layi ɗaya, kuma kowane lokaci kan wanda ya yi shiru yana ɗauko ɗaki yana zubawa a kan mai magana. Ni na fi son waya biyu, kowa da makirfonsa. A tafa sau ɗaya bayan an kunna duka biyun, wannan tafin ne za ka daidaita su da shi a kwamfuta, sannan ka rage layin wanda ba ya magana. Tazarar da ke tsakanin makirfonin biyu ta kai aƙalla ninki uku na tazarar kowanne da bakin mai shi.

Liman kuwa yana motsi, don haka doguwar igiya hatsari ce. Naɗe igiyar, ka sa wayar a aljihun kaftaninsa bayan ka kulle fuskarta. Maƙala makirfon ɗan sama da yadda aka saba, don kada hannu ko darduma su taɓa shi a ruku'u da sujada. Ƙananan marasa igiya da ake jonawa a ramin caji suna da daɗi a nan, sai dai masu araha da yawa suna da matatar ƙara a ciki wadda ke yanke ƙarshen maddi idan murya ta yi ƙasa. Idan tana kashuwa, kashe ta. Siginarsu kuma tana raunana idan jikin mutane ya shiga tsakani, don haka mai riƙe da wayar da ke karɓar siginar ya tsaya kusa, a gefen sahun farko.

13. Na riga na naɗa. Wace manhaja ce za ta cire amsa-kuwwar?

Ka rage buri. Amsa-kuwwa muryar ce kanta ta dawo a makare, don haka ba a tsame ta yadda ake tsame ƙarar fanka. `Noise Reduction` na Audacity an yi shi ne don ƙarar da ba ta canzawa. Idan ka matsa masa don ya kori amsa-kuwwa, muryar za ta koma kamar ana magana a ƙarƙashin ruwa.

Ga abin da ke aiki a Audacity, wadda kyauta ce. Fara da `High-Pass Filter` a 90 Hz, zai kwashe ƙugin inji da na wuta ba tare da ya taɓa maganar ba. Sai ka zaɓi daƙiƙa biyu da babu mai magana, bayan wutsiyar amsa-kuwwa ta mutu, ka buɗe `Noise Reduction` ka danna `Get Noise Profile`, sannan ka zaɓi dukan naɗin ka rage da desibel 6 zuwa 9 kawai. Bayan haka, a `Filter Curve EQ`, ka sauke yankin 300 Hz da desibel 3, nan ne kaurin ɗaki ke taruwa, ka ɗaga yankin 4,000 Hz da desibel 3 don dawo da haruffan da haɓa ta tare. Daga ƙarshe `Loudness Normalization` a -16 LUFS. Ka yi hankali da `Compressor`, yana ɗago amsa-kuwwa kamar yadda `AGC` ke yi. `Noise Gate` kuma yana cin wutsiyar maddi da gunna, ban cika son sa a kan karatun Alƙur'ani ba.

Ajiye WAV ɗin asali. Wanda za a tura wa jama'a a mayar da shi MP3 a 64 kbps `Mono`, awa ɗaya ba ta kai megabayit 30 ba.

14. Wani ya ce in bar makirfon riga in ɗauka kai tsaye daga amfilifaya. Ya fi?

Yana iya fi, idan Malam yana tsayawa daf da makirfon masallaci, domin wannan makirfon yana santimita 5 zuwa 10 daga baki kuma gabansa ya fi ji. Amma ramin da za ka jona shi ne wanda aka rubuta `Line Out` ko `Rec Out`. Kada ka kusanci inda wayoyin lasifika ke fita, musamman wanda aka rubuta `70V` ko `100V` kamar yadda ake gani a bayan amfilifayoyi irin su Ahuja, domin zai ƙona maka waya. Shi kansa `Line Out` ya fi ƙarfin ramin makirfon waya nesa ba kusa ba, sai da igiya mai rage ƙarfi ko ƙaramin akwatin sauti na USB, in ba haka ba muryar za ta fashe.

Ka sani kuma duk abin da ke cikin amfilifaya zai biyo ka: ƙugin wuta, `Echo` idan an kunna, da hannun duk wanda ya murɗa maɓalli a tsakiyar karatu. Idan aka ɗauke wuta, naɗinka ya yi shiru har a tayar da inji, alhali Malam bai tsaya ba. Saboda haka ko ka sami layin amfilifaya mai kyau, ka bar makirfon rigar yana ɗauka a waya ta biyu, a saitin da aka faɗa a tambaya ta 11.